Sayar da kanti a Yamai: yadda ake raba farashi tsakanin hajja, kayan aiki da suna domin haraji

Tambayar da masu karatu suka fi aiko mini a kan sayar da kasuwanci ba ta yadda ake samun mai saye ba ce, domin dillalai da ƴan uwa sun iya wannan. Abin da ke ɗaure wa mutane kai yana zuwa ne bayan an gama ciniki an yi sallama a kan kuɗi guda, sai noter ko kontabul ya ce a faɗa masa nawa ne na hajja, nawa ne na kayan aiki, nawa ne kuma na suna da abokan ciniki. Da yawa sukan ɗauka cike gurbi ne kawai, su ce a rubuta yadda aka ga dama. To amma wannan rabon shi ne yake yanke abin da mai saye zai iya cirewa daga ribarsa a shekarun da ke tafe, shi ne yake nuna inda TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, da kuɗin rajista za su faɗa, kuma shi ne ma'aikatar haraji za ta buɗe idan ta zo bincike.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe: kantin kayan gini a kusa da kasuwar Katako, mallakin mutum ɗaya, a cikin shagon haya, yana riƙe da cikakkun littattafai kuma yana biyan haraji bisa ribarsa ta gaskiya. An daidaita a kan sefa miliyan 60. Alƙaluman misalin ni na tsara su domin lissafi ya fito fili, amma ƙa'idodin na dokar da ke aiki ne.

1. A fara tantance abin da ake sayarwa

Hanya biyu ce. Idan kasuwancin kamfani ne, ana iya sayar da hannun jarin kamfanin, a nan kuwa babu wani rabon farashi, domin kamfanin yana nan yadda yake da kayansa da basussukansa da tsohon tarihinsa na haraji, masu shi ne kawai suka canja. Hanya ta biyu, wadda jagoran nan ya shafa, ita ce sayar da dukiyar kasuwancin kanta. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da suka haɗa dokokin kasuwancinsu, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 kuma take aiki a Nijar, ta ce dole wannan dukiya ta ƙunshi abokan ciniki tare da sunan kasuwanci ko alamar shago, sannan tana iya haɗawa da injuna, kayan ofis, hajja, haƙƙin haya da lasisin aiki.

Gargaɗi: gini da fili ba sa cikin wannan dukiya. Idan mai kanti shi ne mai ginin kuma zai sayar da shi, cinikinsa daban ne, da takardarsa da kuɗin rajistarsa. Haka ma bashin da ake bin mai sayarwa da wanda yake bin ƴan kwangila, ba sa bin kanti zuwa hannun sabon mai shi sai an yi musu yarjejeniya ta musamman. A kantin kayan gini, inda rabin manyan abokan ciniki kan ɗauki kaya bashi, wannan magana ce da ya kamata a gama ta tun ranar farko.

2. A tara takardu kafin a taɓa alƙalami

Mai sayarwa ya fito da bayanan kuɗi na shekara uku da suka wuce, da faktir na hajjar da ke cikin shago da sito, da rajistar kayan aiki mai nuna ranar sayen kowane abu da kuɗinsa da ragin tsufan da aka riga aka cire, wato abin da ake rage wa darajarsa a littafi kowace shekara, da takardar haya, da lambarsa ta haraji, wato NIF, da ta rajistar kasuwanci, wato RCCM. Ya nemo kuma takardar shaidar cewa ma'aikatar haraji ba ta bin sa komai, da irinta daga CNSS a kan ma'aikata. Mai saye kuma ya je wurin magatakardar kotun kasuwanci ta Yamai ya karɓi bayanin ko an jinginar da kantin, ko injuna, ko hajja ga wani banki.

Shekara ukun nan ba son zuciyar mai saye ba ne. Dokar ta wajabta a rubuta cinikin shekara uku da sakamakonsu a cikin takardar sayarwa, tare da bayanin jingina da na haya, kuma idan an ɓoye ko an rubuta ƙarya har ta cutar da mai saye, yana da shekara guda ya nemi kotu ta rushe cinikin.

3. Ƙidayar hajja

Da hajja ake farawa, saboda ita ce ake iya ƙirgawa da hannu, kuma ita ce ba ta barin wurin musu. A rufe shago kwana ɗaya ko biyu dab da ranar miƙa makulli, kowane ɓangare ya kawo mutumensa, a bi kanta bayan kanta ana rubuta sunan kaya, adadi, kuɗin saye da halin da kayan suke ciki, sannan su biyun su sa hannu a kowane shafi. Ƙidayar da aka yi wata biyu kafin miƙawa ba ta da amfani, domin shago yana ta ciniki a tsakani.

Farashin da ake amfani da shi shi ne kuɗin da kayan suka zo da shi har cikin sito, wato kuɗin saye da na mota da na duwan, ba farashin da ake sayar wa mai shigowa ba. Dalilin a fili yake: mai saye yana sayen hajjar ne domin ya sayar ya ci riba, in ya biya ta a farashin sayarwa ya yi aikin banza. Idan an sayo kaya iri ɗaya a farashi dabam-dabam, tsarin lissafi na SYSCOHADA ya yarda da hanya biyu, ko a ɗauki matsakaicin farashi, ko a ɗauka cewa wanda ya fara shiga shi ya fara fita. A bi hanyar da littattafan kantin suka saba bi.

Sai kayan da suka lalace ko suka kwanta. A ɗaga murfin wasu gwangwanayen fenti a ga ko ya daskare, a buɗe kwalayen ƙusa na can ƙasa waɗanda damina ta taɓa, a duba bututun roba da ya daɗe a rana har ya fara farfashewa, a ware tayil ɗin da saura kwali uku kuma an daina kawo irinsa. Irin waɗannan ana rubuta su a kuɗin da za su iya kawowa yau. A misalinmu faktir sun nuna hajjar miliyan 26, amma a cikinta akwai ta miliyan 3 da ba za ta kawo fiye da miliyan 1 ba, saboda haka layin hajja ya tsaya a miliyan 24.

Gargaɗi: a tambayi mai sayarwa ko akwai kayan da wani babban ɗan kasuwa ya ajiye masa ya sayar ya kawo kuɗi. Suna kan kanta amma ba nasa ba ne, bai kamata su shiga ƙidaya ba. Hajjar da ba ta da faktir kuma matsala ce ga kowa, domin mai sayarwa ba zai iya nuna kuɗin da ya kashe a kanta ba, mai bincike kuma zai tambayi ta inda ta shigo.

4. Kimanta kayan aiki ɗaya bayan ɗaya

Kowane kayan aiki yana da daraja biyu, kuma rikita su shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki. Akwai darajar littafi, wato kuɗin saye bayan an cire ragin tsufan da aka riga aka rubuta shekara bayan shekara. Akwai kuma kuɗin kasuwa, wato abin da mai saye na gaskiya zai biya yau. A takardar sayarwa kuɗin kasuwa ake rubutawa, darajar littafi kuwa ana riƙe ta ne domin a lissafa rarar da mai sayarwa ya samu.

A kantinmu akwai motar ɗaukar kaya da aka saya miliyan 12, ragin tsufa ya cinye ta har darajarta ta littafi ta koma sifiri, amma tana tafiya lafiya, kuma masu sayar da motoci sun kimanta ta miliyan 5. Akwai injin wuta da aka saya miliyan 5, saura miliyan 2 a littafi, kasuwa ta ba shi miliyan 2 da rabi. Injin yanka rodi da lanƙwasa shi an saye shi miliyan 4, saura 2,400,000 a littafi, shi ma kasuwa ta ba shi miliyan 2 da rabi. Kantoci da tebura da kwamfuta kuwa sun ci miliyan 3, saura 600,000 a littafi, an kimanta su miliyan 1. Idan aka haɗa, darajar littafi miliyan 5 ce, kuɗin kasuwa miliyan 11, rarar mai sayarwa a wannan layi miliyan 6.

Kada a yi mamakin biyan haraji a kan motar da littafi ya ce ba ta da daraja. Mai ita ya riga ya cire miliyan 12 ɗin gaba ɗaya daga ribarsa ta shekarun baya, ya rage harajinsa da su, to yanzu da ta kawo miliyan 5 sai ya bayyana cewa an cire fiye da abin da ta tsufa, kuma wannan bambanci yana komawa cikin riba.

Kowace kima ta samu shaida a rubuce. Ga mota, a karɓi takardar kimantawa daga ƙwararre ko farashin irinta daga masu sayarwa guda biyu. Ga injin wuta, a sa makaniki ya karanta awowin da ya yi aiki ya rubuta halin da yake ciki, domin injin da ya sha watannin zafi yana ruri duk lokacin da aka ɗauke wuta ba daidai yake da sa'ansa da ba a cika kunnawa ba. A rubuta lambar kowane inji da ta mota a jerin da za a liƙa wa takardar sayarwa.

Gargaɗi: kayan da aka ɗauka ta hanyar hayar da ke kaiwa ga mallaka, matuƙar ba a gama biya ba, na kamfanin da ya bayar ne, ba a sayar da su. A duba kuma sunan da ke kan takardar mallakar mota, domin sau da yawa motar kanti tana da sunan ƙanen mai kanti ko ɗansa.

5. Haƙƙin haya, suna da abokan ciniki

Abin da ya rage bayan an cire hajja da kayan aiki shi ne kuɗin abubuwan da ba a taɓa su da hannu. Miliyan 60, a cire 24, a cire 11, saura miliyan 25. A nan ne ya kamata a zauna da kyau, saboda shi ne layin da ba shi da faktir kuma shi ne kowane ɓangare yake so ya ja gefensa.

A fara raba shi gida biyu. Haƙƙin haya shi ne darajar zama a wannan wuri bisa wannan kuɗin haya, kuma SYSCOHADA ta ba shi asusunsa daban, mai lamba 216, yayin da suna da abokan ciniki suke a lamba 215. Ana kimanta shi ta hanyar kwatanta hayar da ake biya da wadda sabon shiga zai biya a layin, tare da duba shekarun da suka rage a takarda. A misalinmu an ba shi miliyan 5, sai suna da abokan ciniki suka tashi miliyan 20. Dokar OHADA ta ce idan an sayar da haya tare da dukan abin da ake gudanar da sana'ar da shi, mai gida ba zai hana ba, amma wajibi ne a sanar da shi a hukumance, ta hannun ma'aikacin kotu ko ta wata hanyar da ke barin shaidar cewa ya karɓa. Haya ta baka, wadda babu takarda sai mutunci tsakanin mai gida da tsohon mai kanti, ba zan shawarci kowa ya biya miliyoyi a kanta ba sai an mai da ita rubutacciya.

Sannan a gwada ko miliyan 25 ɗin nan suna da tushe. Littattafai sun nuna ribar miliyan 11, da 12, da 13 a shekara ukun, matsakaici miliyan 12. Amma mai kanti bai taɓa yanka wa kansa albashi ba, alhali shi ne yake buɗewa da safe yake rufewa da dare. Idan za a ɗauki wanda zai yi aikinsa a kan 300,000 a wata, miliyan 3 da 600,000 sun fita, saura miliyan 8 da 400,000. Haka kuma miliyan 35 da mai saye zai zuba a hajja da kayan aiki za su iya kawo masa riba a wani wurin. In muka ɗauka kashi 10 cikin 100, miliyan 3 da rabi ke nan. Abin da ya rage, miliyan 4 da 900,000 a shekara, shi ne ainihin abin da wuri da suna suke kawowa, kuma miliyan 25 kusan irinsa ne na shekara biyar.

Tambayar da mai saye zai yi wa kansa ita ce ko abokan cinikin nan za su zauna shekara biyar bayan mai kanti ya tashi. Ya buɗe littafin ciniki ya ga kashi nawa ne yake fitowa daga masu shigowa daga titi, waɗanda wuri ne ya kawo su, kashi nawa ne kuma daga ƴan kwangila uku ko huɗu da suke zuwa saboda Alhaji, suna gaisawa da shi a masallaci, yana ɗaga musu ƙafa idan gwamnati ta yi jinkirin biyansu. Na farkon suna bin shago, na biyun suna bin mutum. Idan su ne suka fi yawa, to ko dai farashi ya sauka, ko a rubuta cewa mai sayarwa zai zauna wasu watanni yana gabatar da sabon mai shi. A ajiye wannan lissafi a rubuce, domin shi ne amsar da za a ba mai binciken haraji idan ya tambayi inda miliyan 20 suka fito.

Gargaɗi: a sa sharaɗin cewa mai sayarwa ba zai buɗe irin wannan kanti ya janye mutanensa ba. Dokar ba ta amincewa da sharaɗin sai yana da iyaka, ta lokaci ko ta wuri, kuma ɗaya daga cikinsu ta wadatar. A rubuta shi a fili, misali shekara uku a cikin birnin Yamai.

6. A lissafa harajin kowane ɓangare kafin sa hannu

Ga mai sayarwa, kowane layi ana kwatanta shi da abin da ke littafinsa. Hajja ta kawo miliyan 24 alhali ta ci 26, ya yi asarar miliyan 2. Kayan aiki sun ba shi rarar miliyan 6. Haya da suna kuwa, tun da shi ya gina su da kansa bai saye su daga kowa ba, ba su da daraja a littafi, duka miliyan 25 rara ce. Jimilla miliyan 29. Idan aka haɗa wannan duka cikin ribar shekara aka ɗora masa harajin riba na kashi 30 cikin 100, ya kama miliyan 8 da 700,000. Wannan ne adadin da mai sayarwa zai ware a zuciyarsa kafin ya yi alkawarin sayen fili ko biyan kujerar Makka da kuɗin. Daga nan sai kontabul ya duba kundin haraji da dokar kasafin shekarar, ya ga yadda suka ɗauki rarar sayar da kadara idan mutum ya daina sana'a, domin duk inda hukuncinta ya bambanta da na ribar hajja, rabon farashi yana canja abin da mai sayarwa zai biya.

Ga mai saye, bambancin layukan ya fi girma. Miliyan 24 na hajja suna fita daga ribarsa da zarar ya sayar da kayan. Miliyan 11 na kayan aiki suna fita a hankali ta hanyar ragin tsufa: in an raba su shekara biyar, miliyan 2 da 200,000 ke nan kowace shekara, abin da ke rage masa harajin 660,000. Suna da abokan ciniki kuwa, a tsarin SYSCOHADA da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, asali ba a yi musu ragin tsufa, saboda ana ɗauka cewa ba su da ƙayyadadden wa'adi, sai a wasu halaye da tsarin ya keɓe. Ke nan miliyan 20 ɗin suna iya zama a littafinsa ba tare da sun rage masa haraji ba, har ranar da shi ma zai sayar.

Daga nan ne jarabawa take zuwa. Mai saye yakan roƙi a ɗauke miliyan 10 daga suna a ɗora kan kayan aiki, su zama 21, tun da jimillar ba ta canja ba kuma zai rage harajin miliyan 3 a tsawon shekarun. Mai binciken da ya ga tsohuwar motar da aka saya sabuwa miliyan 12 an rubuta ta kusan wannan kuɗin bayan shekaru ba ya bukatar dogon nazari. Zai soke ragin da ya wuce kima, ya dawo da harajin, ya ɗora tara. Sassauci na halal yana nan: idan ƙwararre ya ce mota tana tsakanin miliyan 4 da rabi da miliyan 5 da rabi, ana iya ɗaukar ko wane gefe. Wuce abin da shaida ta nuna shi ne ba ya tsayawa.

Sai TVA da kuɗin rajista. Ƙa'idar UEMOA a kan TVA ta 1998 ta sa sayar da dukiyar kasuwanci da aka biya wa kuɗin rajista cikin abubuwan da aka yafe wa TVA, don kada abu guda ya ɗauki haraji biyu. Hajja ce take bukatar a tsaya a kanta. Idan za a fitar mata da faktir mai TVA na kashi 19 cikin 100, miliyan 24 suna jawo 4,560,000 a sama, waɗanda mai saye zai fitar a ranar, ya cire su daga baya idan shi ma yana cikin masu karɓar TVA. Kuɗin rajista kuma ana lissafa shi ne a kan farashin da aka rubuta, saboda haka a je ofishin haraji da daftarin takarda a tambayi kason da ke kan kowane layi a wannan shekarar. A kan miliyan 36 na kayan aiki da haya da suna, kowane kashi ɗaya cikin 100 sefa 360,000 ne. A al'ada mai saye ne yake biyansa tare da ladan noter, amma a rubuta hakan.

Gargaɗi: takarda ta faɗa a fili ko farashin hajja ya haɗa da TVA ko bai haɗa ba. Idan aka yi shiru, daga baya aka ɗauka cewa miliyan 24 sun ƙunshe shi, abin da zai rage wa mai sayarwa miliyan 20 ne da kusan 168,000, sauran fiye da miliyan 3 da 800,000 na baitulmali ne.

7. Rubuta takardar sayarwa

Dokar OHADA ta yarda a rubuta ta a gaban noter ko tsakanin mutanen biyu, amma ga ciniki mai girman wannan ina ganin ladan noter ya fi arha a kan shari'a. Takardar ta kawo jimillar farashi, sannan ta rarraba shi layi huɗu: hajja miliyan 24, kayan aiki 11, haƙƙin haya 5, suna da abokan ciniki 20, a liƙa mata jerin ƙidayar hajja da na kayan aiki, kowane abu da kuɗinsa. A ƙara jimla guda da ke cewa ɓangarorin biyu za su yi amfani da wannan rabon a littattafansu da bayanansu na haraji, domin idan mai sayarwa ya bayyana kayan aiki miliyan 11, mai saye ya shigar da 21, takardun biyu ofishi guda za su je. A rubuta kuɗin da alƙaluma da kuma kalmomi, a sefa, ba da ƙidayar dala da jika ta kasuwa ba.

Gargaɗi mafi nauyi: kada a rubuta miliyan 40 a miƙa sauran 20 a ɓoye. Dokar OHADA ta ce duk yarjejeniyar gefe da aka yi domin ɓoye wani ɓangare na farashi ɓatacciya ce, ke nan idan mai saye ya ƙi biyan ragowar, mai sayarwa ba shi da takardar da zai kai kotu. Shi ma mai saye ya cuci kansa, domin ranar da zai sayar, za a lissafa rararsa daga miliyan 40 da aka rubuta, ya biya haraji a kan miliyan 20 da ya riga ya fitar daga aljihunsa.

8. Sanarwa, ajiyar kuɗi da rufe lissafi

Bayan sa hannu a kai takardar ofishin haraji a yi mata rajista, a ajiye kwafinta a RCCM, sannan mai saye ya buga sanarwar cinikin a jaridar da ke ɗaukar sanarwar hukuma cikin kwana 15. Kuɗin ba ya shiga hannun mai sayarwa kai tsaye. Ana ajiye shi amana wurin noter ko bankin da aka ambata a takarda har kwana 30 daga ranar da sanarwar ta fito, kuma a cikin waɗannan kwanaki duk mai bin mai sayarwa bashi yana da damar tare kuɗin ta hanyar doka. Mai sayen da ya ji kunyar dattijo ya miƙa masa kuɗi a hannu ranar karɓar makulli ya zubar da kariyar da doka ta tanadar masa, kuma masu bin bashi ƙofarsa za su fara zuwa.

Idan za a biya kashi-kashi, mai sayarwa ya yi rajistar haƙƙinsa na fifiko, wato na a fara biyansa ragowar kuɗinsa kafin masu bin mai saye bashi, a RCCM, domin ba ya aiki a kan sauran masu bin bashi sai an rubuta shi. Ma'aikatan kanti suna ci gaba da aiki a ƙarƙashin sabon mai shi da shekarunsu na baya, kamar yadda dokar ƙwadago ta tanada, don haka a lissafa hutun da suke bi da bashin albashi, a rubuta wanda zai biya.

Mai sayarwa ya rufe littattafansa a ranar miƙawa, ya sanar da cibiyar harajinsa cewa ya sayar, ya kai bayanin ribar watannin da ya yi aiki tare da rarar sayarwa ba tare da jiran ƙarshen shekara ba, kuma in ya daina kasuwanci gaba ɗaya ya nemi a soke sunansa daga RCCM cikin wata guda. Mai saye kuma ya buɗe littattafansa da layuka huɗun nan yadda suke a takarda, ya fara ragin tsufan kayan aiki daga miliyan 11 ba daga tsohon kuɗin sayensu ba, ya sauya sunan da ke kan takardar mota da kan mitar NIGELEC. Takardar sayarwa, jerin ƙidaya, kimar makaniki da lissafin suna, kowane ɓangare ya adana kwafinsa shekara 10, wanda shi ne wa'adin da dokar lissafi ta OHADA ta yanka wa takardun kasuwanci.